Yadda Ake Karanta Takardar ECG ta Lafiyayyar Zuciya

Tsokar zuciya ba ta matsewa sai wata 'yar wutar lantarki ta ratsa ta. Wannan wutar ce na'urar ECG take ɗauka daga saman fata, ta zana ta a kan takarda mai gidaje-gidaje. Ana liƙa wa mutum 'yan faifai goma, huɗu a hannaye da ƙafafu, shida a ƙirji, su kuma su ba da mahanga goma sha biyu da ake kallon zuciya ta cikinsu. Ƙa'idar zanen guda ɗaya ce. Idan wutar da ke kunna tsoka ta nufo inda mahanga take, layi yana hawa sama. Idan ta juya mata baya, yana sauka ƙasa. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin karatun.

Kafin a dubi zanen, ana fara duba ma'aunin da aka buga a gefen takarda, wato 25 mm/s da 10 mm/mV. Na farko yana nufin takardar tana tafiya milimita 25 a kowane sakan, saboda haka ƙaramin gida ɗaya sakan 0.04 ne, babban gida kuma, mai ƙananan gidaje biyar, sakan 0.2. Na biyu ma'aunin tsayi ne: gidaje goma ƙanana a tsaye su ne miliboli ɗaya. In an sauya ma'aunin ba a lura ba, duk lissafin da zai biyo baya ya tashi a banza.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi zuwa huhu da sauran jiki. Bugu yana farawa ne a ɗakin sama na dama, daga wani ɗan dunƙulen ƙwayoyin halitta da likitoci ke kira SA, wanda yake kunna kansa da kansa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya ga babban mutum da ke hutawa. Dunƙulen ya yi ƙanƙantar da na'ura ba ta ganin wutarsa. Abin da take gani shi ne bazuwar wutar a ɗakunan sama, na dama tukuna sannan na hagu, wanda ke fitowa a matsayin ɗan tudu mai laushi mai suna P. Sunayen P, Q, R, S da T kuwa Willem Einthoven ne, masani ɗan ƙasar Holan, ya raɗa su a 1895, aka kuma ba shi lambar Nobel a 1924. A mahangar II, P yana kallon sama, domin wutar tana gangarowa ƙasa ne ta karkata hagu. Faɗinsa bai kai ƙananan gidaje uku ba, tsayinsa kuma bai wuce biyu da rabi ba.

Bayan P sai layi ya miƙe shafal. Mai koyo yakan ɗauka babu abin da ke faruwa a nan, alhali wurin yana cikin mafi muhimmanci a takardar. Tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa akwai shinge da wuta ba ta ratsawa, hanya ɗaya tak ce a buɗe, wato dunƙule na biyu mai suna AV. Shi kuma yana riƙe wutar kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan, kamar yadda sarkin ƙofa ke tsayar da ayari kafin ya shiga gari. Amfanin jinkirin shi ne ɗakunan sama su gama juye jininsu kafin na ƙasa su matse. Ana auna shi daga farkon P zuwa farkon QRS, ana ce masa PR, kuma daidai shi ne ƙananan gidaje uku zuwa biyar, wato sakan 0.12 zuwa 0.20. Idan ya haura biyar, wutar tana daɗewa a hanya fiye da kima.

Daga AV wutar tana shiga jijiyar His, ta rabu reshe biyu, dama da hagu, ta watsu cikin zaruruwan Purkinje masu tsananin sauri. Shi ya sa manyan ɗakunan ƙasa, duk da kaurin tsokarsu, suke kunnuwa cikin ƙiftawar ido, su ba da zane siriri mai tsini, wato QRS, wanda faɗinsa bai kai ƙananan gidaje uku ba. Katangar da ta raba ɗakunan biyu ita ce ke fara kunnuwa, daga hagu zuwa dama, don haka mahangai na gefen hagu, irin su V6, sukan nuna ɗan gangare ƙarami da farko, shi ne Q. Sai babban bangon ɗakunan ya kama, ɗakin hagu mai kauri ya rinjayi na dama, a sami dogon tsinin R. Sassan da ke can sama kusa da shingen su ne na ƙarshe, su ke ba da gangaren S. Ba a kowace mahanga ake ganin dukan ukun ba, kuma wannan ba aibi ba ne. A V1, wadda ke kallo daga dama, R gajere ne S kuma mai zurfi, R ɗin yana ƙara tsayi yayin da ake matsawa wajen hagun ƙirji. A daidai wannan lokaci ɗakunan sama suke komawa hutu, amma QRS ya binne alamar hakan.

Layin da ya biyo baya, ST, ya kamata ya zauna daidai da layin tushe, domin duk tsokar ɗakunan ƙasa a kunne take, babu bambancin da na'ura za ta ɗauka. A lokacin ne ake tura jini waje. Daga nan sai T, tudu mai faɗi da ke nuna ɗakunan ƙasa suna mayar da cajinsu don bugu na gaba. Hankali zai ba da cewa T ya kalli ƙasa, tunda akasin kunnuwa ne. Yana kallon sama ne saboda kunnuwa tana tafiya daga cikin bango zuwa waje, komawa hutu kuma daga waje zuwa ciki, juyi biyu ke nan da suka soke juna.

Ga misalin takardar wani baligi a mahangar II. Tsakanin R da R na gaba akwai manyan gidaje huɗu. A raba 300 da 4, bugu 75 ke nan a minti. Kowane QRS yana da P ɗaya a gabansa mai kallon sama, alamar cewa daga SA bugun ya taso. PR ƙananan gidaje huɗu ne, sakan 0.16. QRS gidaje biyu, sakan 0.08. Daga farkon QRS zuwa ƙarshen T, wato QT, gidaje tara, sakan 0.36, wanda bai kai rabin tazarar R zuwa R ba, kuma haka ake so a irin wannan gudu. Wannan takarda lafiyayyiya ce.

Akwai abubuwan da kan ruɗar da mai karatu. Idan aka musanya faifan hannun dama da na hagu, P da QRS da T duk za su kife a mahangar I, aVR kuma, wadda ta saba kallon ƙasa, ta kalli sama. Maganin shi ne a gyara faifan a sake ɗauka. Rawar sanyi ko motsi kan yamutsa layin tushe. A jikin yara da matasa tazarar bugu takan ragu da shaƙar numfashi ta ƙaru da fitar da shi, kuma T kan kife a V1 zuwa V3 ga yara ba tare da wata cuta ba.

Takardar tana nuna wutar zuciya ne kawai na kimanin sakan goma, ba ta auna ƙarfin da zuciya ke tura jini da shi. Mai ciwon ƙirji zai iya samun ECG na farko lafiya lau alhali jijiyar zuciyarsa tana toshewa, shi ya sa likita kan maimaita gwajin, ya kuma haɗa shi da gwajin jini.