Kayan Gona Har Ƙofar Gida: Yadda Ake Karanta Farashi da Yin Oda

A biranen Arewa, musamman Kano da Kaduna, sanarwar masu kawo kayan gona har gida ta yawaita a wayoyin mutane. Za ka ga jerin kaya da farashinsu, sannan a ƙasa an rubuta: "Turo saƙo, mu kawo maka." Yawancin masu wannan sana'a a Kano ba manoma ba ne. Suna saro hatsi a Dawanau, kayan gwari a 'Yankaba, kayan marmari a 'Yan Lemo, su rarraba a babur ko Adaidaita Sahu. Hidima ce mai amfani, amma farashin da ke kan sanarwa bai isa hujja ba sai an san abu uku: ma'auni, ranar farashin, da kuɗin kawowa.

Ma'auni shi ne kan gaba. Tiyar hatsi a Kano takan kai kilo biyu da rabi, kuma tiya 40 ke cika babban buhu. Amma mudun wani gari ba ɗaya yake da na wani ba, kwando kuwa ba shi da tsayayyen girma. Idan sanarwa ta ce "kwandon tumatir" kawai, a tambaya kilo nawa ne, ko a nemi hotonsa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ranar farashi ma sai an duba. Tumatir na araha da rani, lokacin da na noman ban ruwa a Kadawa da Kura ya cika kasuwa, sannan ya yi tsada da shigowar damina. Hatsi na sauka da kaka, ya hau kafin sabo ya fito. Saboda haka jerin da ba a rubuta masa kwanan wata ba yana iya zama na watan jiya.

Na uku shi ne kuɗin kawowa, wanda ya ƙara nauyi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Ga misali, da farashin da muka ƙaddara don lissafi kawai. A ce uwargida a Hotoro ta nemi shinkafa tiya biyu a kan naira 6,000, wake tiya ɗaya 2,500, ƙaramin kwandon tumatir 2,000, da kiret ɗin ƙwai mai guda 30 a kan 5,000. Kaya sun kama 15,500, kawowa 1,500, jimilla 17,000. Da ta je kasuwa da kanta, a ce ta samu kayan a 14,500, ta biya 1,500 na mota da ɗan dako, ta kashe 16,000 ke nan. Ashe naira 1,000 ce ladan hutar da ita. To amma in kayan naira 4,000 kaɗai ta nema, kuɗin kawowa ya haura kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kayan, cinikin bai yi ba. Maganinsa shi ne maƙwabta uku su haɗa oda, kowa ya ba da 500.

Yin odar ba wuya. Da farko a rubuta jerin kayan da ma'auninsu a saƙo ta WhatsApp, domin rubutu ya fi kira zama shaida. A haɗa da kwatancen gida mai kyau, kamar masallaci ko makarantar da ke kusa. Sai a jira mai sayarwa ya turo jimilla, har da kuɗin kawowa da ranar isowa. Wajen biya, a odar farko gara a biya bayan kaya sun iso. In ya dage sai an tura, a tabbatar sunan asusun ya dace da wanda ke kan sanarwar, kuma a fara da kaya kaɗan.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi sakaci da shi: duba kaya kafin ɗan aike ya tafi. A juye tumatir a faranti, domin a ƙasan kwando ake samun wanda nauyi ya farfasa. A damƙo wake daga tsakiya, a duba huda da gari, alamar ƙwaro, a kuma shinshina ko akwai warin maganin ƙwari. A ciji ƙwayar masara. Busasshiya za ta ce ƙaras, mai danshi kuwa za ta yi fumfuna a ajiya.

Shi ya sa tun kafin a tura ko kwabo ya kamata a yi tambaya ɗaya: in kaya sun zo a lalace, wa zai ɗauki asara? Wanda ya amsa a rubuce cewa zai musanya ko ya mayar da kuɗi, shi ya cancanci a ba shi cefanen gida.