"Kusa da titi": Bidiyon da ya kai wani Dapaong a banza

Wani ɗan kasuwa a Zongon Sokode ya nuna mini bidiyon da ya ja masa tafiyar kusan kilomita 300 zuwa Dapaong. Minti uku dillali yana zagaya fili yana cewa "ga waje mai kyau, kusa da titi". Da ya isa, sai da ɗan zemijan ya yi minti ashirin da shi a hanyar burji bayan sun bar kwalta. Rabin fuloti ne kuma, ba cikakke ba.

"Wallahi, malam, ko ruwa ban tsaya na sha ba, na juyo," in ji shi.

A ganina dillalin bai yi niyyar cuta ba, kunna waya kawai ya yi ba tare da ya rubuta abin da zai faɗa ba. Da wani aboki ya nemi in taya shi tallar gidansa a Komah, sai na ce mu fara da takarda. Bidiyon minti ɗaya ba ya ɗaukar fiye da kalma 120 zuwa 140 idan ana magana a tsanake, don haka babu wurin kirari.

Daƙiƙa goman farko muka ba wuri da farashi, yana tsaye a bakin hanya, ba a tsakar gida ba: "Sokode ne, unguwar Komah. Gida mai ɗaki huɗu a kan rabin fuloti, murabba'in mita 300, sefa miliyan 12." Girman ya zama dole a faɗa da lamba, domin a Togo idan an ce fuloti, mai saye murabba'in mita 600 yake ji.

Daga nan sai nisa. Mun soke kalmar "kusa" gaba ɗaya. Mun hau babur daga babbar hanyar Lome zuwa Cinkassé har ƙofar gidan, muka duba agogo, minti shida, shi muka rubuta. Muka ƙara da cewa mota na shiga ko da damina.

Ɗakuna ba su ci lokaci ba, kyamara ta nuna su. Mitar wutar CEET da famfon TdE kuwa sai da ya kunna kowanne a gaban kyamara.

Inda muka yi gardama shi ne takardu. Shi yana son a ce "takardu cikakku". Na tambaye shi, wanne? Taswirar fili mai hatimi uku yake da ita, ba titir fonsiye ba, alhali a dokar filaye ta 2018 titir ɗin ne tabbatacciyar shaidar mallaka. A ƙasar da rigimar sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ta cika kotuna, wannan bambancin yana taɓa farashi.

Ya ɗan yi shiru, sannan ya karɓi biro ya gyara da kansa: "Akwai taswira mai hatimi uku, titir bai fito ba tukuna."