Minti Uku Kafin a Kashe Fitilu

A makarantun koyon fim, ɗaliba ba ta samun takardar kammalawa da jarrabawar biro da takarda kaɗai. Sai ta shirya gajeren fim, ta kawo shi gaban malamai, an kalla, an yi mata tambayoyi. Haka ake yi a irin Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, wadda Hukumar Fina-finai ta Najeriya ta buɗe a 1995 kuma take ba da digiri da haɗin gwiwar Jami'ar Jos, haka kuma aka riƙa yi a tsohuwar makarantar IFTIC ta Yamai. Kafin a kunna majigi akan ba darakta dama ta tashi ta gabatar da aikinta. Jawabin ba ya wuce minti biyu zuwa uku, amma ɗalibai da yawa sun fi jin tsoronsa a kan watannin da suka kwashe a lokeshan. Kuma ba su yi laifi ba, domin abin da ta faɗa a tsaye shi ne ma'aunin da za a auna fim ɗin da shi.

Wahalar farko ita ce mutanen da ke zauren kashi biyu ne. A sahun gaba akwai masu jarrabawa: malaman sashen, malamin da ya duba aikin tun daga rubutu, sau da yawa har da wani malami da aka gayyato daga wata makaranta don kada a ce an yi son kai. Waɗannan sun riga sun karanta rahoton da ta rubuta, suna riƙe da biro da takardar maki. A bayansu kuma ga iyaye, ƙawaye, ma'aikatan da suka yi mata aiki kyauta, wani lokaci har da mutanen da aka ɗauka a fim ɗin. Su ba su karanta komai ba, sun zo kallo ne da taya murna. In ta cika jawabin da sunayen masana da ra'ayoyin littattafai, mahaifiyarta za ta zauna kamar baƙuwa a bikin 'yarta. In kuma ta mayar da shi godiya zalla, malamai ba su sami abin rubutawa ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce ɗaliba ce ta shirya fim na gaskiya, ba na wasan kwaikwayo ba, mai tsawon minti 14, a kan wata mata da ke wankin kuza a bakin ɗaya daga cikin kududdufan da haƙar ma'adinai ta bari a kewayen Jos tun zamanin Turawa. Ta yi kwana shida tana ɗauka, ta dawo da hotuna na awa tara, ta zauna da edita suka rage su. Mutum in ya yi magana a natse a gaban jama'a, abin da zai faɗa a minti ɗaya bai fi kalma 120 zuwa 130 ba. Ke nan duk abin da take da shi bai kai kalma 400 ba, wato ƙasa da shafi ɗaya. Me zai shiga, me zai fita?

Ga yadda jawabi mai kyau zai iya kasancewa:

"Assalamu alaikum. Shugaban sashe, malamaina, iyayena da sauran baƙi, na gode da zuwanku. Fim ɗin da za ku gani minti goma sha huɗu ne, a kan wata mata da ke wankin kuza. A unguwarmu take, na tashi ina ganin ta tana dawowa da yamma, ƙafafunta jajur da laka, amma ban taɓa tambayar kaina nawa take samu ba sai bara. Tambayar da na fita da ita ke nan: me yini guda a cikin ruwan nan yake kawowa gida? Na zaɓi kada in sa muryar mai ba da labari, kada kuma in sa kiɗa. Abin da za ku ji muryarta ce da ƙarar ruwa a kwano. Ta amince a ɗauke ta, ta kuma kalli fim ɗin kafin ku, ta ce in cire wuri ɗaya, na cire. Tana magana da Hausa da Birom, fassarar Turanci tana ƙasan allo. Inna, na gode da kika buɗe mini ƙofa. A yi kallo lafiya."

Wannan bai kai minti biyu ba, kuma ya ɗauke duk nauyin da ke kansa. Ya faɗi tsawon fim ɗin, abin da ba ƙarami ba ne, domin mai kallon da ya san minti 14 zai zauna yana haƙuri da hoton da ya daɗe bai motsa ba. Ya kuma faɗi alaƙar darakta da labarin. A fim na gaskiya wannan tambaya ba ta taɓa ɓacewa: ke wace ce a wajen mutanen nan, me ya ba ki ikon shiga rayuwarsu da kyamara? Aicha Macky, 'yar Damagaram da ta yi karatun fim a IFTIC, ta amsa irin wannan tambaya a cikin aikinta kansa. A fim ɗinta na 2016 a kan matan da ba su samu haihuwa ba, ba ta tsaya a gefe tana nuna wasu ba, ta sa kanta a ciki domin ita ma abin ya shafe ta. Ɗalibar da fim ɗinta bai nuna wannan alaƙa ba, jawabin ne kaɗai wurin da za ta faɗe ta.

A ganina, jimlar da ta fi kowace amfani ita ce ta rashin kiɗa da rashin mai ba da labari. Malamin jarrabawa in ya ga fim shiru, abu biyu ne zai zo masa: ko dai ɗalibar ta zaɓi hakan da gangan, ko kuwa kuɗi da lokaci ne suka ƙare mata. Hoton kansa ba zai gaya masa wanne ne ba. In ta faɗa tun farko, zai zauna yana duba ko shirun ya yi aikin da ta ɗora masa. Amma akwai sharaɗi. Zaɓin da ta ambata dole ya kasance gaskiya daga farkon fim zuwa ƙarshensa. In ta ce ba kiɗa, sai ga sautin sarewa ya ɓullo a minti na goma sha ɗaya don a sa mutane tausayi, to ta ba da wuƙar da za a yanka ta da ita. Shi ya sa zaɓi ɗaya ko biyu sun isa. Kowanne ta ambata, ta sani cewa tambaya ce ta gayyato.

Batun izini ma haka. Makarantu kan buƙaci takardar amincewa da sa hannun wanda aka ɗauka, in kuma ba ya karatu, a karanta masa a harshensa a ɗauki amincewarsa a kyamara. Takardar tana cikin fayil, amma faɗin ta a gaban jama'a, matar tana zaune, wani abu ne daban. Yana kwantar da hankalin 'yan'uwanta da za su ga talaucin gidansu a babban allo.

Abin da jawabin ya bari a waje shi ma darasi ne. Bai faɗi nawa matar take samu ba. Wannan ita ce amsar da fim ɗin ya kwashe minti 14 yana ginawa, wataƙila a fitowar da mai saye ya ɗora kuzar a sikeli, ita kuma tana kallon hannunsa ba fuskarsa ba. Ɗalibai da yawa suna ba da labarin tun daga farko har ƙarshe saboda tsoron kada a kasa fahimta. Malamai kuwa sun san wannan alama: wadda ta fassara fim ɗinta kafin a gani, ba ta yarda da shi ba.

Sai babbar cuta, wato ban-haƙuri. "Ku yi haƙuri, sautin bai fita sosai ba, iska ta dame mu." "Batirin kyamara ya mutu a rana ta huɗu." "Edita ya yi tafiya." Duk wannan yana iya zama gaskiya, iskar Filato kuwa ba ta raga wa makirfon da ba a rufe shi da kyau ba. Sai dai da zarar ta faɗa, kunnen kowa ya koma farautar iska, har a wuraren da da ba wanda zai lura. Wurin matsala shi ne lokacin tambayoyi, kuma a can ma ba kuka ake so ba, sai bayanin abin da aka yi a kai. In farfesa ya ce, "Malama, me ya sami sautin hirar bakin ruwa?" amsa mai ƙarfi ita ce: "Ranka ya daɗe, iska ta ɓata rabin hirar. Na koma na sake ɗaukar muryarta a ɗaki, amma na ga ba ta magana kamar yadda take yi in hannunta na cikin aiki, sai na bar ta farkon na sa fassara a ƙasa." Wannan amsa ta nuna ta ji aibin, ta gwada magani, ta yanke hukunci. Abin da ake ba maki ke nan.

Togaciya ɗaya ce: in akwai abin da zai iya tayar da hankali, kamar gawa, jini ko haɗari, ko kuma an ɓoye fuskar wani don kare shi, a faɗa kafin a kunna. Wannan haƙƙin mai kallo ne.

Godiya fa? A al'adarmu ba a tashi a gaban manya a yi magana ba gaisuwa, kuma duk wanda ya taɓa zuwa bikin ƙaddamar da fim a Kano ya san yadda jerin godiya kan cinye lokacin. Amma fim yana da nasa wurin godiya, wato sunayen da ke hawa a ƙarshe. Mai kyamara, mai sauti, edita, mai abinci, kawun da ya ba da aron mota, duk suna can a rubuce. A baki, gaisuwa a dunƙule ta wadatar, sannan a ware mutum ɗaya ko biyu da in babu su babu fim. Haɗarin jero sunaye shi ne sai an manta wani, kuma wanda aka manta yana zaune a sahu na uku.

Saura shiri. Kyau ta rubuta jawabin cikakke, ta karanta shi da ƙarfi tana duba agogo, sannan ta rage shi zuwa kalmomi biyar ko shida a ƙaramar takarda, don ta riƙa ɗaga kai. Ta kuma je zauren kafin ranar ta gwada fim ɗin a majigin da lasifikokin da za a yi amfani da su, ba a kwamfutarta ba. Majigi mai rauni yakan haɗiye duk fitowar da aka ɗauka da magariba, fassarar ƙasan allo kan yanke in girman hoton bai dace ba, muryar da ta fito tas a abin sauraro na kunne kuma takan nutse in janareta na ruri a bayan taga. In ta gano haka tun da wuri, tana da kwana ɗaya ta ƙara haske, ta ɗaga sauti, ta ajiye kwafi biyu a filashi daban-daban. Sannan ta shirya da mai kula da majigi a kan jimlar ƙarshe ta jawabin, don ya san daidai lokacin da zai kashe fitilu ya danna, kada ta sauka ta bar zaure yana kallon allon kwamfuta ana neman fayil.