Addu'ar Bakin Gado: Me Za Ka Faɗa Idan Ka Je Dubiya?

Kwana biyu da yi wa wani abokina tiyata a ciki, na je duba shi a ɗakin maza. Na tarar da wani dattijo ya riga ni, ya ɗaga hannuwa yana ta zuba addu'a da ƙarfi. Da ya kai kan "Allah ya sa mu cika da imani", sai na ga abokina ya zaro ido, ya dubi ƙaninsa da ke jinyarsa. Bayan baƙon ya fita ya tambaye mu, murya ƙasa-ƙasa: "Ku gaya mini gaskiya, likita ya ce wani abu ne?" Likita bai ce komai ba. Addu'ar ce dai ba a nan ne wurinta ba.

Mutumin da ke kwance ba ya jin magana yadda mai lafiya ke jinta. Kowace kalma sai ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashinta. Don haka addu'ar bakin gado, ko da yake Allah ake roƙo, dole a tuna kunnen majinyaci na kusa.

Akwai abin koyi a dubiyar da Annabi (SAW) ya je wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas a Makka, shekarar Hajjin Bankwana, wato shekara ta 10 bayan Hijira. Sa'adu ya ɗauka tafiya ce ta zo, har yana tambaya a kan wasiyya. Annabi ya ɗora masa hannu a goshi, ya roƙa masa waraka yana ambaton sunansa. Jumla ɗaya ce tak, kuma a ruwayar Muslim sau 3 ya maimaita ta. Sa'adu ya tashi, ya rayu har ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito wata daga Ibn Abbas, wadda ake karantawa sau 7, ana roƙon Allah Ubangijin Al'arshi ya warkar da mara lafiya. Duka bakwai ɗin ba su cin minti ɗaya. Idan da Larabci za ka yi ta, kula da ƙarshenta: "ka" ake ce wa namiji, "ki" ga mace.

Wanda bai haddace ba kuwa, kada kunya ta rufe masa baki. Hausa ma Allah na ji, kuma abokinka zai san abin da yake cewa amin a kai. Ka matso kusa da kansa, ka zauna idan da wurin zama, ka rage murya don na gadon kusa mai yiwuwa bai runtsa ba jiya. Bayan "sannu, ya jiki?" sai ka ce:

"Ya Allah, Kai ne mai warkarwa. Ga bawanka wane a kwance, Ka san inda ke masa ciwo fiye da yadda zai iya faɗa. Ka ba shi lafiya wadda ba ta barin saura. Ka sa maganin da ake ba shi ya karɓe shi, Ka yi wa likitocinsa jagora. Ka ba shi barci a daren nan. Ka sa wannan kwanciya ta zama kaffara. Ka saka wa masu jinyarsa da alheri, Ka buɗa masa hanyar biyan abin da za a kashe. Ka tashi kafaɗunsa, Ka mayar da shi cikin iyalinsa da ƙafafunsa."

Inda aka ce "wane", sa sunan da ka saba kiransa da shi. Maganar barci da ta kuɗi kuwa da gangan na saka su. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti ya san dare ya fi rana tsawo, kuma sau da yawa takardar magani ta fi ciwon hana magidanci sukuni. Idan da hali, wannan ɓangaren ka taya shi da hannunka: ɗan abin da ka zo da shi, miƙa wa mai jinya a waje.

Sai hannu. Dafa shi sunna ce, amma duba tukuna. Hannun da ake ƙarin ruwa da shi ba na musabaha ba ne, allurar na iya gocewa wurin ya kumbura. Ka wanke hannunka, ka dafa goshi ko kafaɗa, kada ka taɓa inda aka ɗaure, kada ka yi tofi a kan ɗinki. Haka ruwan Zamzam ko na rubutu: wanda aka yi wa aiki a ciki akan hana shi ci da sha har sai hanjinsa ya fara motsi. Ka ba mai jinya ya ajiye, nas ce za ta ce lokaci ya yi.

Idan ka same shi yana barci, kada ka tashe shi don ya san ka zo. Yi addu'arka a hankali, ka bar sallahu. Idan kuma idonsa biyu, da ka shafa ka ga ya fara lumshe ido, ka ce "Allah ya ƙara sauƙi, sai na sake leƙowa", ka ba na bayanka wuri.