Wasiƙar Sanarwar Soke Inshora Saboda Rashin Biyan Kuɗi

Daga cikin wasiƙun aiki da ɗalibi zai koyi tsarawa, akwai waɗanda ke ɗauke da labari marar daɗi, kamar wasiƙar gargaɗi da ta neman biyan bashi. A nan za a ɗauki guda ɗaya a yi mata nazari, wato wasiƙar da kamfanin inshora kan aika wa abokin hulɗarsa idan lokacin biyan kuɗi ya wuce bai biya ba. An zaɓe ta ne domin kalma ɗaya da ba ta zauna daidai ba a cikinta tana iya jawo wa iyali asarar kuɗin da aka yi shekaru ana zubawa.

Abin da ya kamata marubuci ya sani tukuna

Inshora yarjejeniya ce: mutum yana biyan wani kuɗi ƙayyadajje, kamfani kuma ya ɗauki alkawarin biyan diyya idan abin da ake tsoro ya auku. A Nijeriya, sashe na 50 na Dokar Inshora ta 2003 ya sanya karɓar kuɗin ya zama sharaɗin ingancin yarjejeniyar, kuma Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta tsananta aiki da wannan ƙa'ida daga 1 ga Janairu, 2013. An maye gurbin waccan doka da sabuwa a shekarar 2025, don haka duk mai son ambaton doka a wasiƙarsa sai ya duba wadda ke aiki a ranar da yake rubutun.

Irin wasiƙar da muke magana a kai ta fi shafar inshorar rai, inda ake zuba kuɗi kashi-kashi, wata-wata ko duk wata uku ko shekara-shekara. A nan ne aka saba ba da kwanakin sassauci, galibi kwana 30 bayan ranar biya. A cikin waɗannan kwanaki kariya tana nan daram. Idan mai inshora ya rasu a tsakani, akan biya magadansa, a cire kuɗin da ake bin sa. Idan kwanakin suka ƙare ba a biya ba, kariya ta faɗi, amma yawancin yarjejeniyoyi kan bar ƙofar farfaɗo da ita zuwa wani lokaci. Abin lura shi ne, ba marubucin wasiƙa ne ke yanka waɗannan sharuɗɗa ba. Suna cikin takardar yarjejeniya, kuma daga can zai kwaso su, ba ragi ba ƙari.

Misalin da za mu yi aiki da shi

Mu ƙaddara wani malamin firamare ya yi inshorar rai domin karatun 'ya'yansa, yana zuba Naira 15,000 duk wata uku. Ranar biya ta kama Litinin, 1 ga Satumba, 2025, kuɗi bai shiga ba. Yarjejeniyarsa ta ba da sassaucin kwana 30, ta kuma yarda a farfaɗo da kariya cikin wata 12, da ƙarin kashi 1 cikin 100 a kowane wata a kan kuɗin da aka jinkirta. Ga abin da wani ma'aikaci zai iya rubuta masa cikin gaggawa:

"Ana sanar da kai cewa an soke inshorarka saboda ka ƙi biyan kuɗi. Ka biya cikin wata guda, in ba haka ba duk abin da ya biyo baya kai ka jawo."

Jimla biyu ce kawai, amma kurakuranta sun fi haka yawa. "An soke" aiki ne da ya riga ya wuce, alhali jimla ta biyu tana neman a biya. Mai karatu zai ce, in an riga an soke, me zan biya kuma? Abin da ake nufi shi ne "za a soke". Haka nan "ka ƙi biya" tuhuma ce da kamfani ba shi da hujjarta. Abin da kamfani ya sani kaɗai shi ne kuɗi bai iso gare shi ba. Ta yiwu albashi ne ya makara, ta yiwu kuma malamin ya biya ta hannun wakili, wakilin ne bai kai ba.

Matsalar ƙidayar kwanaki

Kuskuren da ya fi hatsari shi ne "cikin wata guda". Wane wata, na Musulunci mai kwana 29 ko 30, ko na Bature? Daga yaushe za a fara ƙirga, ranar biya, ko ranar da aka rubuta wasiƙa, ko ranar da ta isa hannu? Ko da an ce "kwana 30", da sauran rina a kaba. Wanda ya ƙirga 1 ga Satumba a matsayin rana ta farko zai tsaya a 30 ga Satumba. Wanda ya fara daga kashegari zai tsaya a 1 ga Oktoba. Tazarar kwana ɗaya ce, amma idan rasuwa ta auku a wannan kwanan, ita ce tsakanin a biya marayu diyya da a sallame su hannu rabbana.

Idan yarjejeniya ba ta fayyace ba, adalci shi ne a ɗauki ƙidayar da ta fi sauƙi ga mai inshora, tunda kamfani ne ya tsara takardar, ba shi ba. Wannan ya kai mu 1 ga Oktoba, wadda kuma ranar hutun tunawa da samun 'yancin kai ce, ofisoshi da bankuna a rufe. Bai dace a ce wa mutum ya biya a ranar da ba zai sami mai karɓa ba, sai a matsa zuwa ranar aiki ta gaba, wato Alhamis, 2 ga Oktoba. Wannan matsawa shawara ce da shugaban sashe zai amince da ita kafin a rubuta. Abin da zai bayyana a wasiƙa shi ne sakamakon lissafin: rana da kwanan wata da shekara da lokaci.

A nan malamin Hausa yana da abin koyarwa. "Kafin 2 ga Oktoba" na iya nufin ranar ba ta ciki. "Zuwa 2 ga Oktoba" ya fi kusa, amma shi ma akan yi gardama a kansa. Mafita ita ce a ambaci ƙarfe nawa.

Hanyar dawowa

Wasiƙu da yawa kan tsaya a kan barazana, su yi shiru game da farfaɗowa, ko su ce "a tuntuɓi ofis". Wannan shiru ba ƙarya ba ce, amma yana aikin ƙarya, domin mutum zai ɗauka komai ya ƙare ya haƙura. Wasiƙa mai adalci takan faɗi ranar ƙarshe ta farfaɗowa, da abin da za a biya, da takardun da za a kawo. A misalinmu, idan malamin ya dawo a farkon Janairu, 2026, ana bin sa kashi biyu, na Satumba da na Disamba, wato Naira 30,000. Ƙarin jinkiri a kan na farko na wata huɗu Naira 600 ne, a kan na biyu na wata ɗaya Naira 150, jimla Naira 30,750.

Akwai gaskiya biyu masu ɗaci da ba a ɓoyewa. Ta farko, kamfani yakan nemi bayanin lafiya, wani lokaci har da gwajin likita, kuma yana iya ƙin farfaɗowa idan lafiyar ta taɓu. Ta biyu, abin da ya auku tsakanin faɗuwar kariya da dawowarta ba a biyan diyyarsa. Faɗin waɗannan ba tsoratarwa ba ne. Shi ne yake nuna wa mutum cewa biya a cikin kwanakin sassauci ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Idan kuma inshorar irin mai tara ajiya ce, kuma an zuba na shekarun da yarjejeniya ta gindaya, to, tana iya samun wata ƙima da ba ta faɗuwa, sai a ambaci adadinta.

Gyararriyar wasiƙa

Bayan adireshi biyu, da kwanan wata 8 ga Satumba, 2025, da lambar yarjejeniya, sai gundarin wasiƙa:

Malam,

SANARWA GAME DA KUƊIN INSHORAR DA BA A BIYA BA

Bayan gaisuwa, muna sanar da kai cewa Naira 15,000 da ya kamata a biya ranar Litinin, 1 ga Satumba, 2025 ba su iso gare mu ba. Idan ka riga ka biya, muna roƙo ka aiko mana da kwafin rasidi domin mu gyara lissafinmu.

Kariyarka tana nan har ƙarfe 4:00 na yammacin Alhamis, 2 ga Oktoba, 2025. Idan ka biya kafin wannan lokaci, a ofishinmu ko ta asusun bankin da ke ƙasan wannan takarda, babu ƙarin ko kwabo, babu kuma wata takarda da za ka cika.

Idan lokacin ya wuce ba a biya ba, za a soke kariyar, kuma ba za a biya diyyar abin da ya auku bayan haka ba. Duk da haka, kana da damar neman a farfaɗo da ita har ƙarfe 4:00 na yammacin Juma'a, 2 ga Oktoba, 2026. Za ka biya duk kuɗin da ya taru da ƙarin kashi 1 cikin 100 a kowane wata, ka kuma cika takardar bayanin lafiya. Muna iya neman gwajin likita, kuma amincewarmu ta danganta ga sakamakonsa. Kariya za ta dawo ne daga ranar da muka sanar da kai amincewarmu a rubuce.

Idan kana ganin akwai kuskure, ka rubuto wa sashen ƙorafi na wannan kamfani. Idan ba ka gamsu ba, kana iya kai kuka ga NAICOM.

Naka,
sa hannu, cikakken suna da muƙami.

A lura cewa an rubuta wasiƙar mako guda bayan ranar biya, ta yadda malamin ke da sauran kwana 24 na neman kuɗi. Wasiƙar da ta isa ana saura kwana biyu ta cika ƙa'ida a takarda kawai. An kuma yi amfani da "ka" maimakon "ku" na girmamawa, domin a takardar da ta shafi haƙƙi "ku" na iya sa a zaci mutum fiye da ɗaya ake nufi; idan mace ce sai a ce "Malama" da "ki". Ofis zai ajiye kwafi da shaidar isarwa, don ranar da za a ce wasiƙa ba ta zo ba.

Aiki

Wata malama tana zuba Naira 6,000 duk wata, ranar biya ta kama 1 ga Disamba, 2025, sassauci kwana 30 ne, farfaɗowa kuma cikin wata 6. Fitar da ranakun ƙarshe guda biyu, ka bayyana yadda ka ƙirga, sannan ka rubuta mata wasiƙar.