Kafin ka ɗaure ragon turke, yi lissafi

Jama'a masu saurare, da 'yan uwa na Agye, Gazawa da Gidan Rumji da ke can ci-rani, tambaya guda ce muke yawan ji: ga noma ko aikin albashi, shin a ƙara da kiwon ragon Layya? Mu dai shawararmu ita ce a fara lissafi tun ba a kafa turke ba.

Bari mu ɗauki misali, kowa sai ya sa farashin kasuwarsu. Ka sayi rago jika 50, za ka ɗaure shi kwana 90. Dussa da harawa da ƙaiƙayin gyaɗa suna cin dala 60 kullum, wato sefa 300, jika 27 ke nan. Maganin tsutsar ciki da allura jika 2. Kuɗin mota, la'adar dillali da harajin kasuwa jika 2. Duka ya kama jika 81. In ka saida shi jika 96, ribarka jika 15, wato wajen dala 33 a wuni. To, ka tambayi kanka: ɗaukar ruwa, sharar turke da neman abinci safe da marece, dala 33 ta biya su?

Wanda ya tara harawarsa bisa rumfa tun kaka, shi ne ke ganin riba. Amma shi ma ya tuna harawar nan kuɗi ce, don da ya kai ta kasuwa da rani da an saye.

Sai maganar lokaci. Layya tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. A 2025 farkon watan Yuni aka yi ta, wato turke ya faɗa cikin bazara, lokacin da abincin bisashe ya fi tsada, ga sharar gona da jiran ruwan shibka. In babu mai kula da ragon a gida, ko dai gona ta sha kashi, ko ɗan lakkwal ya riƙa makara.

Kasuwa ma ba ta da tabbas. Da yawa cikinmu dillalan Najeriya muke jira, amma in naira ta faɗi, hannunsu sai ya yi sanyi. A watan Mayun 2025 kuwa gwamnati ta hana fitar da bisashe waje gab da Layya.

Ga alamar da muke dubawa: bayan wata guda ka shafa gadon bayan ragon. In har yanzu ƙashi kake ji, ko yana zawo, kuɗinka yake ci, a nemo likitan dabbobi ko a saida shi.

Ku kuma masu aiko da jari daga waje, ku haɗo da kuɗin dussa. Kuma kada kowa ya taɓa hatsin rumbu don rago, domin in ya mutu, damina ba ta jira.