Tsofaffin Gem a Ƙaramar Waya: Inda Halal Ta Tsaya a Karaye da Rogo

Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, gidajen gem na garuruwa irin su Karaye da Rogo suka shiga matsi, domin sana'ar ta dogara ne kacokan da janareto, wutar KEDCO kuwa ba abin da za a gina kasuwanci a kansa ba ce a ƙauyukan yammacin Kano. Da kuɗin zama gaban talabijin ya ƙaru, sai wasan ya koma aljihu. Matashi zai kai wayarsa ta Itel ko Tecno wurin mai turi a kasuwa, a zuba masa manhajar PPSSPP da fayil ɗin ƙwallo, shi kuma ya raba wa abokansa ta Xender ba tare da an taɓa data ba. Wannan sauyi ya nuna cewa ƙaramar waya ta isa ɗaukar tsofaffin wasanni. Abin da bai warware ba shi ne inda fayil ɗin ya fito, kuma a nan ne duk maganar halal da haram ta tsaya.

Dalilin da ya sa ƙaramar waya ke iya wannan aiki ba boyayye ba ne. PlayStation ta farko, wadda ta fito a 1994, ƙwaƙwalwar aikinta megabayit 2 ce kacal, PSP ta 2004 kuma megabayit 32, alhali waya mafi araha a Farm Centre ta Kano a yau tana da gigabayit ɗaya ko biyu. Emuleta manhaja ce da ke fassara wa waya umarnin da aka rubuta domin waccan tsohuwar na'ura, kuma fassarar tana cin ƙarfi ninkin-ba-ninkin, amma tazarar shekaru ashirin zuwa talatin ta wadatar. Iyakar abin tana bayyana ne a PlayStation 2, wadda ginin cikinta ya fi wuyar kwaikwayo, har ma waya mai matsakaicin ƙarfi takan yi zafi, sauti ya riƙa yayyankewa, 'yan wasa su riƙa tafiyar hawainiya. Wanda ya ga haka a PPSSPP ma, matakin farko shi ne ya mayar da `Rendering resolution` zuwa `1x PSP`, wato ainihin girman allon na'urar, 480 da 272, kafin ya taɓa `Frame skipping`, domin wannan na biyun yana ɓoye nauyin ne ta hanyar zubar da wasu hotuna.

Ita kanta emuleta ba kayan sata ba ce. PPSSPP wani ɗan ƙasar Suwidin ne, Henrik Rydgård, ya fara ta a 2012, kyauta ce, tana kan Play Store, kuma ba ta ɗauke da wata manhaja ta kamfanin Sony a cikinta. A Amurka, kotun ɗaukaka ƙara ta ba kamfanin Connectix gaskiya a kan Sony a shekarar 2000 game da emuletar PlayStation. Masu cewa an haramta emuleta sukan kafa hujja da Yuzu, wadda masu ita suka amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 a Maris na 2024, amma waccan shari'ar ta ta'allaƙa ne a kan karya makullin wasannin Switch da ake kan sayarwa a kasuwa. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi, tana kuma hana karya makullin kariya. Mafi ƙarancin wa'adin da wasa zai samu a ƙarƙashinta shekara 50 ne, don haka ko Super Mario Bros na 1985 bai zama na kowa ba tukuna. Tsufan wasa, ko ɓacewarsa daga kasuwa, ba ya sauke haƙƙin mai shi.

Hanyar halal ta farko da ta rage ita ce mutum ya kwafi faifan da ya mallaka. Dokar ta ba mai halastaccen kwafin manhaja damar yin wani kwafin domin ajiya ko maye gurbin wanda ya lalace, kuma PlayStation ta farko ce wurin da wannan ya fi sauƙi. A ɗauka wani a Rogo ya samu faifan Tekken 3 na asali a cikin kayan gwanjo. Zai fara juya faifan, domin na asali bayansa baƙi ne, wanda bayansa ke da launin azurfa ko shuɗi kuwa kwafi ne da aka buga, kuma kwafin kwafi bai halasta komai ba. Daga nan sai ya nemi tsohuwar laftof mai wurin sa faifai, irin wadda ba a rasa ta a shagon buga takardu, ya karanta faifan da manhajar ImgBurn, wadda za ta fitar da fayil biyu, `.bin` da `.cue`. Dole a riƙe dukansu biyun, saboda ƙaramin fayil ɗin `.cue` ne ke nuna inda kowane sashen sauti ya fara, kuma rashinsa ne ke sa wasu wasanni su tashi babu kiɗa. Don rage cin memori ana iya haɗe su cikin fayil guda:

```
chdman createcd -i wasa.cue -o wasa.chd
```

A waya kuma sai a buɗe shi a RetroArch da injin PCSX ReARMed, wanda ke da madadin BIOS nasa, ta yadda ba sai an sauko da na Sony ba, wanda shi ma yana ƙarƙashin haƙƙin mallaka. Madadin ba ya ɗaukar kowane wasa daidai, wani lokacin ajiyar ci gaban wasa ce ke ƙin yi. Wasu faifan Turai kuma suna da kariyar LibCrypt, inda za a ga wasan ya tashi lafiya sannan ya maƙale can gaba, kuma ƙetare wannan ya shiga yankin da doka ta yi kashedi a kai. Babbar matsalar hanyar dai ita ce ƙarancin faifan asali. Yawancin na'urorin da suka shigo Kano sun zo ne an riga an sa musu cif, faifan da aka yi ta saye kuma bugun kwafi ne.

Hanya ta biyu ita ce sabon fitowar tsohon wasa daga hannun mai shi, kuma a takarda ita ce mafi tsafta. Grand Theft Auto: San Andreas ya zo waya tun 2013, shagon GOG kuma tun 2008 yake sayar da tsofaffin wasannin kwamfuta ba tare da makulli ba, a sauke sau ɗaya a ajiye, abin da ya dace da wurin da layin sadarwa ke zuwa yana ɗaukewa. Sai dai lissafin bai yi wa mutumin Karaye daɗi ba. Wasan dala 7, a canjin naira 1,500 na 2025, ya haura naira 10,000, wato kusan kashi ɗaya cikin bakwai na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ban da kuɗin datar sauke fayil mai gigabayit biyu bayan ƙarin kashi 50 da NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Daga 2022 kuma bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira a shagunan waje, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi. Ko wasannin kyauta na Sega Forever, da aka fara a 2017, kamfanin ya janye da yawa daga baya. Binciken Video Game History Foundation na 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da suka fita a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su ko'ina.

Cikin waɗanda ba a sayarwar har da abin da matasan nan suka fi so, wato ƙwallo. Kamfani yana sayen izinin sunayen 'yan wasa da kulob ne na ƙayyadajjen lokaci, in ya ƙare ba zai iya sake fitar da tsohon wasan ba sai ya sake biya, shi ya sa ba a ganin Winning Eleven ya dawo kasuwa. PES 2014 ne na ƙarshe da Konami ya yi wa PSP, don haka duk fayil ɗin da ake turawa da sunan PES na bana tsohon wasa ne da wasu suka canza wa riguna da sunaye, babu hannun kamfani a ciki. Abin da Konami ya bayar a halastacce shi ne eFootball, kyauta tun 2021, amma yana buƙatar intanet da waya mai ƙarfi. A wannan fanni babu ƙofar halal mai sauƙi, kuma kamfanonin ne suka rufe ta.

A nan ne mai ja zai ce, tunda ba a sayar mana, wa muka cuta? Hujjar tana da nauyi, domin yaron da ya karɓi PES ta Xender bai rage wa Konami ko kwabo ba. Amma ba ta rufe mai turi ba, wanda ke karɓar kuɗi a kan aikin wani, kuma Kano ta san ƙarshen wannan hanya: haka kasuwar faifan Kannywood ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, furodusoshi suna kallo ana tura finafinansu a memori a kan kuɗi kaɗan. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Akwai kuma cutarwa ta kai tsaye, domin shafukan da ke raba waɗannan fayiloli sukan ba da `.apk` a maimakon wasa, wanda ke neman izinin karanta saƙonni a wayar da lambobin sirrin banki ke shigowa. Wasan PSP fayil ne na `.iso` ko `.cso`, ba ya neman a girka shi, ba ya kuma neman izinin komai.

Hanya ta uku, wadda aka fi yin sakaci da ita, ita ce wasannin da masu su suka saki da kansu, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da Karaye da Rogo. Kashin farko na Doom na 1993 an fitar da shi ne domin a raba kyauta, nauyinsa kusan megabayit 4, kamfanin id Software kuma ya buɗe rubutun injinsa a 1997, abin da ya ba masu sa-kai damar gina Freedoom, cikakken wasa da kowa ke da izinin kwafa. Revolution Software ya saki Beneath a Steel Sky a 2003, ana kunna shi da ScummVM a waya mafi rauni, Cave Story kuma tun fitowarsa a 2004 kyauta ne. Duka waɗannan a haɗe ba su kai nauyin fim guda ba, ba sa buƙatar data bayan saukewar farko, ba sa shanye batiri kamar wasannin PSP. Mai turi zai iya zuba Freedoom da emuletocin kansu a memorin kowa da ransa a kwance, sauran kuma ya duba takardar izinin kowanne, domin wasu sun yarda a raba amma sun hana sayarwa. Ba za su maye gurbin ƙwallo ba, kuma muddin Konami da EA ba su fitar da wasa mara nauyi, mai aiki ba intanet, da za a biya da naira ba, fayil ɗin PES na bogi zai ci gaba da yawo a ranakun kasuwa.